Kafin a Ɗora Fuska a Kan Wani Hoto: Yadda Ake Zaɓen Hotuna Biyu da Suka Dace da Juna

Duk mai ɗaukar hoton biki ya san wannan matsalar. An jera mutum goma sha biyu, amarya da ango a tsakiya, kowa ya fito tsaf, sai uwar ango kaɗai aka kama ta ido a rufe. Biki ya watse, ba a iya sake tara mutane. Abin da ya rage shi ne a ciro fuskarta daga wani hoton, a ɗora a kan wannan. Wasu da Photoshop suke yi, wasu da manhajar waya, amma ko ta wace hanya aka bi, hoto biyu ake buƙata: wanda za a ciro fuskar daga cikinsa, wato hoton tushe, da wanda za a ɗora ta a kansa, wato hoton masauki. A manhajoji da yawa za ka ga an rubuta Source a kan gurbin na farko, Target a kan na biyu.

Masu koyon aikin sukan ɓata sa'o'i wajen goge gefen fuska da daidaita launin fata, alhali tun wurin zaɓen hoto aikin ya lalace. Launi yana gyaruwa, girma ma yana gyaruwa. Amma idan kan mutum ya juya wata fuska a hoton tushe, ya juya wata daban a hoton masauki, ko kuma yana dariya a ɗaya ya ɗaure a ɗayan, babu gogewar da za ta ɓoye wannan.

Motsin kai iri uku

Kai yana motsi ta hanya uku. Yana karkata zuwa kafaɗa, yana waiwaye dama ko hagu, yana kuma sunkuyawa ko ɗagawa. Karkata ba ta da wahala, domin duk sassan fuska suna nan a bayyane, kwanciya kawai suka yi. A Photoshop sai a danna Ctrl+T a juya fuskar har layin idanu ya hau daidai.

Waiwaye da sunkuye su ne masu wuya, kuma dalilin a fili yake. Hoto shimfiɗe yake, kai kuwa dunƙule. Idan mutum ya waiwaya hagu, wani ɓangare na kuncinsa na hagu ya ɓuya a bayan hanci, kyamara ba ta gan shi ba, saboda haka babu shi a hoton kwata-kwata. Wanda ya ja fuskar don ya miƙe ta, ƙara wa kunci faɗi kawai zai yi. Manhajojin da ke musanya fuska da kansu sukan cike gurbin da kintace, kuma daga nan ne kama take gushewa, a samu fuskar da ta yi kama da ta mutumin amma 'ya'yansa suna kallo su ce ba shi ba ne.

Yadda ake auna waiwaye

Akwai hanya mai sauƙi da ba ta buƙatar komai sai abin awo na 'yan makaranta. Tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin idon babban mutum ta ɗan haura santimita 6, tsinin hanci kuma yana gaba da idanu da kimanin santimita 3. Don haka idan ka ƙara girman hoton a allo har tazarar idanun ta kai santimita 6, fuskar ta zama kusan girmanta na zahiri. Sai ka nemi tsakiyar idanun biyu, ka sauko da miƙaƙƙen layi daga nan. Idan layin ya faɗa a kan tsinin hanci, mutumin yana fuskantar kyamara kai tsaye. Idan hancin ya kauce da rabin santimita, kan ya juya kimanin digiri 10. Idan ya kauce da santimita ɗaya, ya juya kimanin digiri 20.

Ka yi wannan awon a hotunan biyu. Abin da kake nema shi ne hancin ya kauce ɓangare ɗaya, kuma da tazara kusan ɗaya. Bambancin milimita 2 ko 3 ido ba ya saurin kama shi. Da zarar ya wuce rabin santimita, za ka ga hanci ya nufi wani wuri, haɓa da wuya sun nufi wani.

Kunne ma yana taimakawa, domin idan kunne ɗaya kaɗai ake gani, kan ya juya. Sai dai hijabi da ɗankwali da rawani sukan rufe shi, shi ya sa awon hanci ya fi amfani a hotunanmu. Wata alamar ita ce idon da ya yi nesa da kyamara yakan fito ɗan ƙarami, kuma gefensa yakan matso kusa da bakin fuska.

Sunkuye, ɗagawa da nisan kyamara

Idan kai yana tsaye daidai, saman kunne yakan yi kusa da layin gira, ƙasansa kuma da gindin hanci. Mutum na sunkuyawa kunnuwa za su haura sama, goshi ya faɗaɗa, haɓa ta ƙanƙance. Yana ɗaga kai kuwa kunnuwa za su sauko, ƙofofin hanci su buɗe wa kyamara, ƙarƙashin haɓa ya bayyana. Inda babu kunne, ƙofofin hancin sun isa shaida. Idan ana ganinsu sosai a hoto ɗaya, ba a ganinsu a ɗayan, hotunan ba su dace ba. A tuna cewa tsayin kyamara ma yana kawo wannan. Mai hoto da ya hau kujera don ya samu kowa a taro ya mayar da kowa kamar mai sunkuye, ko da kansu a miƙe yake.

Nisan kyamara kuma yana sauya sifar fuskar kanta. Wani bincike da aka buga a mujallar JAMA Facial Plastic Surgery a 2018 ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan kimanin santimita 30 yana sa hanci ya fito da faɗin da ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari, idan aka gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Ke nan hoton da mutum ya ɗauki kansa da waya ba zai zauna a kan hoton taro ba, ko da juyawar kan ta yi daidai. Hanci zai yi girma, kumatu su tsuke.

Yanayin fuska bai tsaya a baki ba

Murmushi aikin fuska ne gaba ɗaya. Naman da ke jan gefen baki sama yana tura kumatu, wanda ya kewaye ido kuma yana matse shi har fata ta tattare a gefensa. Likitan nan Bafaranshe, Duchenne, ya bayyana wannan tun 1862. Dariya kuwa tana sauke muƙamuƙi, fuskar ta ƙara tsawo, wuya ma ya motsa.

Abin lura shi ne haɓa da muƙamuƙi da wuya galibi na hoton masauki ne, tsakiyar fuskar ce ake kawowa daga tushe. Idan a masauki mutumin ya buɗe baki yana dariya, aka ɗora masa fuskar da baki yake rufe, za a samu doguwar haɓa da ba ta da dalili. Idan akasin haka ne, leɓen ƙasa zai sauko gab da bakin haɓa. Don haka a fara duba baki: rufe da rufe, buɗe da buɗe. Sannan a duba inda ƙwayar ido take kallo, kada kowa a taro yana kallon kyamara, mutum ɗaya yana kallon gefe.

Mu koma kan uwar ango

A ɗauka a hoton taron tana zaune gefen amarya, ta ɗan juya wajenta. Bayan an ƙara girma, hancinta ya kauce hagu da santimita ɗaya, ƙofofin hanci ba sa bayyana sosai, bakinta a rufe da ɗan murmushi. Iyali sun kawo hoto uku.

Na farko na fasfo ne, tas da shi, kowane layi na fuskarta ya fito. Shi ne za a fi kwaɗayi, amma hancin yana tsakiya daidai, bambancin ya kai digiri 20, kuma fuskar a ɗaure take. An ajiye shi.

Na biyu daga wurin kamu ne, tana murmushi baki a rufe, hancin ya kauce da santimita ɗaya, amma zuwa dama. Nan mai gyara zai so ya danna Flip Horizontal ya juya shi. Juyawar za ta gyara waiwayen, sai dai ta kawo wata ɓarnar. Babu fuskar da damanta da hagunta suke ɗaya sak, kuma bille ko tabo ko hujin hanci zai koma ɗaya ɓangaren, ga inuwar hanci ta faɗa inda hasken taron bai jefa ta kowa ba.

Na uku wanda mai hoto ya ɗauka ne daƙiƙu kaɗan bayan na taron. Wani yaro ya gifta ta gaba, shi ya sa aka watsar da shi, amma fuskarta a buɗe take. Hancin ya kauce hagu da milimita 8, baki a rufe, haske da nisan kyamara duk ɗaya. Kan ya ɗan ƙara karkata, wanda juyawa kaɗan za ta gyara. Wannan shi ne tushen da ya dace.

Kafin a goge komai, sai a ɗora shi a kan masaukin, a rage Opacity zuwa 50%, a haɗa ƙwayar ido da ƙwayar ido. Idan tsinin hanci da gefen baki da haɓa suka hau juna da kansu, aikin da ya rage kaɗan ne. Idan aka ga hanci biyu ko haɓa biyu, a koma neman wani hoton. A nan tunda rufe ido ne kawai matsalar, ba sai an ɗauko fuskar duka ba. Idanu da gira sun isa, kuma gwargwadon ƙanƙantar abin da aka ɗauko, gwargwadon raguwar wuraren da ɗinki zai nuna.

Wannan ne ya sa ƙwararrun masu hoto ke ɗaukar taro sau uku ko huɗu a jere ba tare da sun motsa ƙafa ba. A kan wannan dabarar Google ya gina Best Take a wayar Pixel 8 a 2023, inda wayar ke zaɓo fuskoki daga hotunan da aka ɗauka a jere a wuri ɗaya.

Sharaɗi ɗaya yana gaba da duk wannan awon, shi ne yardar mai fuskar. Gyara wa uwa ido a hoton bikin ɗanta hidima ce. Ɗora fuskar wani a jikin da ba nasa ba ko wurin da bai je ba, ba da saninsa ba, ƙage ne, kuma yana zubar da mutuncin da ba a iya mayarwa. Idan an samu yarda, to a kashe minti goma wajen zaɓe da abin awo a hannu kafin a taɓa magogi.