Yadda ake taƙaita babin zagayen zafi a inji: misalin injin fetur

Babin zagayen zafi a littafin injiniyanci yakan ci shafuka da yawa, amma ƙashin bayansa abu uku ne: zane, matakai, da lissafin amfanin mai. Zagayen Otto, wanda aka raɗa wa sunan Bajamushe Nikolaus Otto da ya ƙera injinsa a 1876, ya isa misali, domin shi ne tsarin injin mota mai shan fetur.

Da zane ake farawa. Layin tsaye yana nuna matsin iska, wato P, na kwance kuma girman filin da iskar ke ciki a silinda, wato V. Sai a ɗora ɗigo huɗu. Daga 1 zuwa 2 layi yakan lanƙwashe ya hau hagu: fistan ya matse iska, kuma babu zafin da ya shiga ko ya fita. Daga 2 zuwa 3 layi ya miƙe sama cak, domin fulogi ya kunna wuta, matsi ya tashi tun fistan bai motsa ba. Daga 3 zuwa 4 layi ya gangaro dama, iska mai zafi ta tura fistan, a nan inji ke ba da ƙarfi. Daga 4 zuwa 1 layi ya faɗo ƙasa, an zubar da ragowar zafi. Filin da layukan suka kewaye shi ne aikin da aka samu a zagaye ɗaya.

Lissafin amfanin kuwa gajere ne:

η = 1 − 1/r^(γ−1)

A nan r shi ne V1/V2, wato ninki nawa aka matse iska, γ kuma 1.4 ne ga iska. Idan r ya zama 8, to 8^0.4 kusan 2.3 ne. A raba 1 da 2.3 a samu 0.435, a cire daga 1, saura 0.565. Ke nan kimanin kashi 56 cikin ɗari na zafin fetur ne zai koma aiki.

Dole taƙaitawar ta ambaci cewa wannan lissafin takarda ne. Injin gaske da ƙyar yake wuce kashi ɗaya cikin uku, saboda gogayyar ƙarafa da zafin da ke tserewa ta jikin silinda. Ba a kuma ɗaga r yadda aka ga dama, don idan matsi ya yi yawa fetur yakan kama da kansa ba bisa ƙa'ida ba, inji ya riƙa ƙwanƙwasa.

Wani kuskure da ɗalibai kan yi shi ne sa rabon matsi a gurbin r, alhali na girman fili ne. Awon Carnot kuma, 1 − T1/T3, shi ne iyakar da amsa ba za ta wuce ba, muddin an sa zafin a ma'aunin Kelvin. Amsar da ta zarce wannan iyaka, to a sake lissafi.