Hanta, nono, kifi da wake: abin da ya kamata mai yi wa mace mai juna biyu cefane ya duba kafin ya biya

Da zarar an tabbatar mace ta samu ciki, shawarwari kan fara zuwa daga kowane ɓangare. Uwa ta ce a riƙa saya mata hanta don ƙarin jini, abokiyar aiki ta ce nono, maƙwabciya ta ce kifi da wake. Dukansu suna da hujja, domin binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano cewa kimanin kashi 61 cikin 100 na masu juna biyu a Najeriya na fama da ƙarancin jini. Sai dai kowanne daga cikin waɗannan abinci huɗu yana da sharaɗinsa, kuma galibi a wurin saye ake cika sharaɗin ko a rasa shi.

A gidajen ma'aikata da yawa a Abuja, ba mai cikin ce ke shiga kasuwa ba. Maigida ne ke biyawa ta Wuse ko Utako bayan tashi daga ofis, ko kuma a ba direba ko ɗan aike takardar cefane. Saboda haka wannan bayani ya shafi mai riƙe da takardar kamar yadda ya shafi mai cin abincin.

Hanta: magani ne da yawansa ke cutarwa

Gaskiya ne hanta tana da sinadarin ayon, wanda jiki ke haɗa jini da shi. Matsalarta ita ce nan ne dabba ke tara bitamin A, irin wanda jikin mutum ke ɗauka kai tsaye ya adana. Mai juna biyu tana buƙatar kusan maikurogiram 800 na wannan bitamin a rana, kuma iyakar da masana suka gindaya ita ce 3,000. Giram 100 na ɗanyar hantar saniya, wato abin da bai wuce 'yan yanka a faranti ba, yana ɗauke da kusan 5,000. Idan bitamin A ya yi yawa a watanni ukun farko, lokacin da ake halittar gaɓoɓin jariri, yana iya jawo naƙasa a zuciya, ko fuska, ko ƙwaƙwalwa. Wannan ne ya sa hukumar lafiya ta Birtaniya ke shawartar masu ciki su bar hanta baki ɗaya.

Wadda ta ɗanɗana yanka ɗaya a cikin farfesun kayan ciki ba ta da dalilin tayar da hankali. Abin gudu shi ne a mayar da hanta abincin kullum da sunan ƙarin jini. A wurin mahauci, tsokar naman saniya ko ta akuya ko ta rago ita ce zaɓin da ya fi, domin tana ba da ayon mai saurin shiga jiki ba tare da wannan haɗari ba. Bitamin A kuwa a neme shi a karas, kabewa, alayyahu, zogale da manja. Nau'in da ke cikin tsirrai jiki ne ke sarrafa shi gwargwadon buƙata, don haka ba ya taruwa ya yi illa.

Nono: a tambaya ko an dafa madarar

Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar bakkale da na tarin fukan shanu, da kuma wata ƙwayar cuta mai suna listeriya. Ita listeriya tana da halaye biyu da suka sa ta zama abin tsoro ga mai ciki. Na farko, tana ci gaba da hayayyafa ko a cikin firiji, inda yawancin ƙwayoyin cuta ke tsayawa. Na biyu, tana iya ratsa mahaifa ta kai ga jariri alhali uwar ba ta ji komai ba sai ɗan zazzaɓi da ciwon jiki, irin wanda kowa zai ɗauka na cizon sauro ne. Sakamakon na iya zama ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko mutuwar jariri a ciki. Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa masu juna biyu sun ninka sauran mutane kusan sau 10 wajen yiwuwar kamuwa da ita, kuma alamun na iya ɗaukar makonni kafin su bayyana.

A al'ada ana dafa madara kafin a kwantar da kindirmo, amma ba kowace mai talla ce ke dafa wadda za ta yi nono da ita ba, kuma tsami kaɗai ba ya kashe dukkan ƙwayoyin cuta. Akwai kuma ruwa da ƙanƙarar da ake zubawa lokacin dama fura, waɗanda mai saye bai san asalinsu ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi furar a dunƙule, a dama a gida da tsaftataccen ruwa da kindirmon da aka san an dafa madararsa, ko da yogot na kamfani mai lambar rajistar hukumar NAFDAC. Awarar madara, wato wara, a soya ta ko a dafa ta cikin miya kafin a ci.

Kantin zamani ma ba shi da tabbas a wannan fanni, saboda ɗauke wuta. A taɓa robar yogot a ji ko tana da sanyi sosai, a kuma ajiye duk wadda murfinta ya kumbura. Naman da aka yayyanka aka ajiye a firijin gilashi, da tsiran leda, da haɗin ganye na salak da aka shirya tun safe, duka suna cikin abubuwan da listeriya ke so. Naman a dumama shi har ya yi tururi, salak kuwa a haɗa shi a gida.

Kifi: ƙarami ya fi babba

Mai juna biyu tana buƙatar kifi sau biyu zuwa uku a mako, jimillar giram 225 zuwa 340, domin man da ke cikinsa yana taimaka wa ƙwaƙwalwa da idon jariri. Abin da ake tsoro a kifi shi ne sinadarin zaiba, wanda ke taruwa a jikin manyan kifayen teku masu cin 'yan uwansu kuma masu tsawon rai. Abin farin ciki, kifayen da aka fi samu a kasuwar kifi ta Kado da sauran kasuwannin birnin, wato taitas, shawa, sardin, tarwaɗa da karfasa, duka suna cikin masu ƙarancinsa. Masu haɗarin sun fi yawa a firijin manyan kantuna da gidajen cin abinci masu tsada: kifin shak, kifi mai bakin takobi, da manyan yankan tuna. Ɗanyen kifi irin na girkin Japan kuwa a jira sai bayan haihuwa.

Wajen kifin ƙanƙara, a duba ko ya narke aka sake daskarar da shi. Alamar ita ce dunƙulen ƙanƙara mai jini-jini a cikin kwalin, da nama mai laushi wanda idan aka danna da yatsa ramin ba ya cikowa. Shi kuma banda, matsalarsa maganin ƙwarin da wasu 'yan kasuwa ke fesawa don kada tsutsa ta ci shi. A fasa ɗaya a shinshina cikinsa. Ƙamshin hayaƙi ake nema, idan aka ji wani wari mai hawa kai kamar na fiya-fiya, a wuce gaba.

Wake da gyaɗa: yadda aka adana su ne abin dubawa

Wake yana ba da ayon da furotin da folet, sinadarin da ke kare jariri daga naƙasar laka, kuma ya fi nama sauƙin kuɗi. Amma a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin DDVP da aka samu a cikinsa, wanda shi ne ke cikin fiya-fiya. A cusa hannu cikin buhun, a ɗebo daga ƙasa, a shinshina, a kuma duba ko wani farin gari ya maƙale a tafin hannu. Gara a sayi wanda aka ajiye a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba. Waken da aka ga 'yan ƙwari kaɗan a cikinsa ya fi wanda ke warin magani. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna rage maganin, amma ba sa kawar da shi duka.

Gyaɗa da masara kuwa fumfuna ce abokiyar gabarsu. Tana haifar da gubar afilatoksin, wadda dafuwa da suya ba sa kashewa. A sayi gyaɗa tsaba wadda ido zai iya gani, a tsince masu yamushewa da masu baƙi ko kore-kore, sannan a kai niƙa. Tunkuza ko niƙaƙƙiyar gyaɗar da ba a san mai yin ta ba tana iya ɓoye ruɓaɓɓun ƙwayoyi.

Misalin cefanen mako guda

Mu ɗauki ma'aikaciya mai cikin wata huɗu da ke zaune a Kubwa, wadda aka auna jininta a wurin awo aka samu PCV 30, alhali ƙasa da 33 ana lissafa shi ƙarancin jini. Takardar da aka saba rubutawa a irin wannan hali ita ce hanta kilo ɗaya, lemon kwalba na malt, madarar gwangwani da ganyen shayi. Wannan haɗi ba zai kai ta ko'ina ba. Malt da madara ba su da ayon na a zo a gani, kuma shayi da madara suna hana hanji tsotse ayon ɗin da ke cikin abinci idan aka sha su tare da shi.

Takardar da ta fi dacewa za ta ƙunshi tsokar nama rabin kilo a raba gida uku ko huɗu, taitas ko shawa na ci biyu, ƙwai da za a dafa har gwaiduwa ta daskare, wake, zogale ko ugu, da gishirin leda mai sinadarin ayodin maimakon na awo a buɗe. A ƙara lemon zaƙi ko gwaba, a ci su tare da wake ko ganye, domin bitamin C yana ƙara yawan ayon da jiki ke ɗauka daga tsirrai. Shayi a jinkirta shi awa ɗaya ko biyu bayan cin abinci, kofi da goro kuma a rage su. Kayan busassu ake fara saya, nama da kifi da yogot su zo a ƙarshe, a kai su firiji kafin awa ɗaya ta cika idan ana zafi, abin da cunkoson hanyar Kubwa ko Nyanya kan hana sai an tanadi kula da ƙanƙara a mota.

Idan wannan mata ta fara kwaɗayin farar ƙasa, kada a saya mata. An sha samun dalma da sinadarin asanik a cikinta, kuma kwaɗayin kansa yakan zama alamar ƙarancin ayon, don haka a faɗa wa ungozoma ko likita a awo na gaba. Haka nan cefane komai kyansa ba ya maye gurbin ƙwayar da ake bayarwa a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar miligiram 30 zuwa 60 na ayon da maikurogiram 400 na folik asid kowace rana har a haihu, wadda gwaji ya nuna jininta ya yi ƙasa kuma likita zai ƙara mata. Duk mai cikin da ta yi zazzaɓi ta je asibiti a ranar, ta kuma ambaci abin da ta ci a makonnin baya, musamman nono ko naman firiji, ko da an riga an yi mata gwajin cizon sauro.