Sanarwar da Google bai taɓa gani ba

Wata ɗabi'a ta zama ruwan dare a Dogon Dutsi da kewayenta, daga makarantu masu zaman kansu har ƙungiyoyin manoma na Tibiri da Koré Maïroua. A tara kuɗi, a kira yaro mai ilimin kwamfuta ya gina shafin intanet, a yi ta murna, daga nan a juya wa shafin baya shekara guda ko biyu. Ranar da wata sanarwar gaggawa ta taso sai a tuna da shi, a jefa sanarwar ciki da dare, da safe a buɗe Google a nema, ba a gani ba. Sai ka ji ana cewa ai Turawa ba su damu da garuruwanmu ba. Wallahi sau da yawa laifin namu ne, kuma laifi ne mai sauƙin gyara in an san yadda abin ke aiki.

Google ba ya ganin intanet gaba ɗaya a lokaci guda. Yana da wata manhaja mai yawo, sunanta Googlebot, kamar yadda Microsoft ke da tata mai suna Bingbot. Manhajar tana riƙe da dogon jerin adireshin shafuka. Takan ɗauki adireshi ɗaya, ta roƙi kwamfutar da ke ajiye da shafin, wato sabar, ta ba ta shi, ta karanta, ta tsince duk mahaɗan da ke ciki, ta ƙara sababbin a jerinta. Haka take tafiya daga shafi zuwa shafi. Abin da ta kwaso shi ake tacewa a adana, kuma cikin wannan ajiya ake lalubo maka amsa idan ka yi tambaya. Shafin da ba ta taka ba, a wurin Google babu shi.

Ga abin da ya faru da wata makaranta a nan Dutsi, ba zan kama suna ba. An gina masu shafi da WordPress, mai ɗauke da shafin farko, da tarihin makaranta, da kuɗin karatu, da hotuna. Tun ranar da aka biya mai ginin ba wanda ya sake taɓa shi. Da aka kusa komawa aji a watan Oktoba, hukumar makarantar ta canza kuɗin rajista da ranar rufe ta. Sakatare ya buga takarda, darakta ya sa hannu da hatimi, aka ɗauki hoton takardar da salula, aka loda shi cikin ma'ajiyar hotuna ta shafin. Hoton ya sami adireshi irin wannan:

```
makarantarmu.ne/wp-content/uploads/IMG-0412.jpg
```

Aka kwafi adireshin aka watsa a rukunin WhatsApp na iyaye, aka ce an saka a intanet. Iyayen da ke cikin rukunin sun gani. Amma waɗanda ke ci-rani a Yamai ko Kwatano ko Legas, masu aiko da kuɗin karatun ƴaƴan ƴan'uwa, sunan makarantar suka rubuta a Google, ya kawo masu tsohon shafin kuɗin karatu, suka aiko da kuɗin bara.

To ta ina Googlebot za ta bi ta kai ga wannan hoto? Babu shafi ko ɗaya, a cikin na makarantar ko a waje, da ke da mahaɗi zuwa gare shi. Saƙonnin WhatsApp kuwa a rufe suke, manhajar yawo ba ta shiga rukuni, ba ta karanta hirar kowa. Ko mutum dubu sun danna adireshin daga can, wannan bai zama hanya a wurinta ba. Sannan sanarwar hoto ce, ba rubutun da ke cikin shafi ba, babu take, babu sunan makaranta a rubuce kusa da ita. Mafi muni, tsohon shafin kuɗin karatu yana nan yadda yake, ba wanda ya goge lambobin bara. Ke nan Google bai yi ƙarya ba, abin da makarantar ta bari a rubuce shi ya nuna.

Da sun buɗe tsohon shafin nan sun gyara lambobin da rubutu, da rabin matsalar ta kau, domin adireshinsa ya riga ya shiga jerin Googlebot. In kuma sabon shafi suke so, dole a sa masa mahaɗi a shafin farko, domin shi ne aka fi yawan dawowa a duba. Mahaɗin ma sai na gaskiya, wanda a cikin rubutun shafin yake da wannan siffa:

```
<a href="/rajista">Kuɗin rajista na bana</a>
```

Wasu masu ginin suna son ƙawa, sai su yi maɓallin da ke aiki da JavaScript kawai, ba tare da `href` ba. Mutum zai danna ya wuce, amma Googlebot ba ta danna maɓalli, adireshin da ke cikin `href` take tsinta.

Saura maganar dawowa, kuma nan ne sakacinmu ya fi yi mana illa. Shafukan duniya sun fi ƙarfin a zagaye su kullum, don haka manhajar tana zaɓe. Tana lura da abin da ta tarar a kowace ziyara. In ta zo ta ga an canza, ta sake zuwa ta ga an canza, sai ta riƙa matso da ziyararta. In ta zo sau da yawa ta tarar da abu ɗaya, sai ta riƙa jinkirtawa. Kamar direban da ke ɗaukar fasinja ne tsakanin Dutsi da Matankari: ƙauyen da kullum yake samun mutane a bakin hanya zai riƙa tsayawa, wanda ya sha tsayawa bai sami kowa ba sai ya daina rage gudu. Shi ya sa shafin farko na babbar jarida ake leƙa shi sau da yawa a yini, shafin da ya yi shekara biyu yana barci kuwa yana iya yin makonni ba a waiwaye shi ba. Tana kuma duba yawan shafukan waje da ke nuni zuwa gare ka. Makarantar da babu wata jarida ko ƙungiya ko ma'aikata da ta sa mahaɗinta, a ƙarshen layi take.

Lafiyar sabar ma tana cikin lissafi. Duk roƙon da manhajar ta yi, sabar na mayar da lamba. `200` na nufin ga shafin. `304` na nufin bai canza ba tun zuwanki na baya. `404` na nufin babu shi. `500` da `503` na nufin sabar ta kasa. Idan amsa tana jinkiri, ko lambobin kasawa sun yi yawa, Googlebot na rage zuwa don kada ta ƙara wa sabar nauyi, in abin ya daɗe kuma sai shafukan su fara fita daga ajiya. Mu kuwa mun saba da barin kuɗin ajiyar shafi ya ƙare, shafi ya mutu wata biyu, sai an ga dama a biya. Ranar da ya farfaɗo, mai shi yana zaton komai ya koma daidai. Bai koma ba, sai manhajar ta sake zuwa ta tabbatar, kuma ba a rana ɗaya take mayar da ziyararta yadda take a da ba.

Akwai hanyar miƙa wa manhajar jerin shafukanka kai tsaye, wato fayil ɗin sitemap, wanda Google ya fito da shi a 2005, Yahoo da Microsoft suka karɓa a 2006. Tun 2020 WordPress na yin sa da kansa a adireshin `/wp-sitemap.xml`. Fayil ɗin na iya ɗaukar ranar gyaran ƙarshe ta kowane shafi, a layin `lastmod`. Na san masu wayon sa ranar yau a kan kowane shafi kullum don a riƙa zuwa. Google ya faɗa a fili cewa yana amfani da wannan rana ne kawai in ya ga tana dacewa da gaskiya, kuma layukan `priority` da `changefreq` ba ya kula su sam. Wanda ya saba yin ƙarya a nan, ranar da ya yi gyara na gaske ba za a yarda da shi ba. Sitemap kuma shawara ce, ba umarni ba, ba ta maye gurbin mahaɗi a shafin farko.

Wani sakacin na masu ginin ne. Lokacin da suke aiki sukan hana manhajojin bincike shiga, daidai ne, amma sai su miƙa aiki su manta su buɗe. A WordPress na Faransanci, wanda shi aka fi amfani da shi a nan, a shiga `Réglages`, sannan `Lecture`, a duba akwatin da ke cewa `Demander aux moteurs de recherche de ne pas indexer ce site`. In da alama a ciki, a cire. A kuma rubuta `/robots.txt` bayan adireshin shafin a ga abin da ke ciki. Wannan fayil, wanda Martijn Koster ya kawo tsarinsa a 1994, shi manhajar ke fara karantawa kafin ta taɓa komai. In aka ga haka:

```
User-agent: *
Disallow: /
```

to an ce wa kowace manhajar yawo kada ta shiga ko'ina. Layi biyu kacal, amma sun isa su sa kuɗin da aka kashe ya tafi a banza.

Darakta ko shugaban ƙungiya ba ya buƙatar zama gwani kafin ya bincika. Ya rubuta `site:makarantarmu.ne` a Google, da adireshin nasa shafin, zai ga kusan abin da aka adana daga gare shi. In bai ga komai ba, akwai matsala babba. Sannan ya sa mai ginin ya buɗe masa Search Console, kyauta ne, kuma da adireshin imel na makaranta ko na ƙungiya, ba na yaron ba, domin gobe yaron na iya tafiya Yamai karatu da mabuɗin a aljihunsa. A ciki akwai wurin da ake liƙa adireshin shafi, ya nuna ranar da Googlebot ta zo ƙarshe, da ko an adana shafin. In ya nuna `Détectée, actuellement non indexée`, an san da adireshin amma ba a zo ba tukuna. Akwai maɓallin `Demander une indexation` na roƙon a zo da wuri. Sau ɗaya ya isa, dannawa sau goma ba ya ƙara sauri, kuma Google da kansa ya ce abin na iya ɗaukar kwanaki ko makonni.

Saboda haka sanarwar rajistar Oktoba, tun watan Agusta ya kamata ta hau shafi, a rubuce, a goge lambobin bara a rana ɗaya. Hoton takardar mai hatimi a sa shi a ƙasan rubutun ga mai son ganin sa hannun darakta. Bayan haka ne za a kwafi adireshin wannan shafi a tura WhatsApp, don mutanen rukuni da masu nema a Google su karanta abu ɗaya.