Jawabin Baba a Bikin Cika Shekara Shida

A al'adar Bahaushe uba ba ya tsayawa gaban jama'a ya yabi 'yarsa. Ko ranar suna liman ne ke bayyana sunan a ƙofar gida, a raba goro da dabino, a shafa fatiha, uban yana gefe yana amsa barka. In kuwa 'yar fari ce, wani uban ko sunanta ba ya kamawa saboda alkunya. Shi ya sa a birane irin Kano da Kaduna, inda bikin zagayowar ranar haihuwa ya shiga wasu gidaje, za ka ga magidanci ya karɓi lasifika ya rasa ta inda zai faro. Malamai sun yi saɓani kan bikin kansa, wasu gidajen ma sun mayar da shi walima da addu'a. Ko wanne aka yi, ana dai cewa Baba ya ce wani abu.

Kuskuren da aka fi yi shi ne uban ya fuskanci manya. Sai ya jero gaisuwa ga alhazai da hajiyoyi, ya gangaro kan tsadar kuɗin makaranta, yarinyar kuwa idonta na kan kek. Alhali 'yar shekara shida tana fahimtar abin da ake faɗa a kanta, tana kuma iya riƙe shi. Shekarar ce ta shiga aji ɗaya na firamare a tsarin ilimin Najeriya, kuma a nan ne famfara kan fara.

Akwai binciken da ya shafi wannan shekara kai tsaye. A 2017 mujallar Science ta buga aikin Lin Bian da Sarah-Jane Leslie da Andrei Cimpian, waɗanda suka gwada yaran Amurka 'yan shekara 5 zuwa 7. Sukan ba yaro labarin wani mutum mai tsananin basira ba tare da sun faɗi ko namiji ne ko mace ba, sannan su nuna masa hotunan maza da mata, su ce ya zaɓi mutumin. A shekara biyar kowa jinsinsa ya fi zaɓa. Daga shekara shida sai 'yan matan suka fara raguwa wajen zaɓar mace. Da aka kawo wasan da aka ce na masu basira sosai ne, sun fi mazan ja da baya, amma da aka ce na masu ƙoƙari ne ba a ga wannan bambanci ba. Yaran Amurka ne, ba na Fagge ba, sai dai abin ya isa ya sa uba ya auna kalmominsa.

To, sai ya yi ta cewa 'yarsa haziƙa ce? A nan ma da gyara. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck sun gano cewa 'yan aji biyar da aka yaba wa kaifin ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya bayan haka, waɗanda aka yaba wa ƙoƙari kuwa sun fi dagewa. Yabon da ke aiki shi ne wanda ya nuna abin da yarinyar ta yi da kanta.

A ce ga uban da ya sa wa 'yarsa sunan mahaifiyarsa, ana kiranta Ummi. Minti biyu sun ishe shi. Ya gaida baƙi da jimla ɗaya, ya ajiye lasifikar, ya durƙusa daidai tsayinta. Sai ya ce, "Ummi, bara ba ki iya rubuta sunanki ba. Na ga kin yi ta gogewa kina sakewa har takardar ta huje, yau ga shi kina rubutawa." Ya ƙara da ranar da ta rarrashi ƙanenta da ya faɗi. Ya gode wa mahaifiyarta a gaban kowa, abin da mazanmu kan yi rowarsa. In zai yi alkawari, ya yi wanda zai cika cikin mako guda, kamar kai ta gidan zu ranar Asabar, domin yaro ba ya mance alkawari. Daga nan addu'a: Allah ya raya, Allah ya yi albarka, jama'a su amsa da amin.

Abin gudu shi ne zolaya. Yara a wannan shekara ba su gama gane gatse ba, sukan ɗauki magana yadda ta fito. Uban da ya yi raha da wawulonta, ko ya ba da labarin fitsarin kwance don baƙi su yi dariya, ya miƙa wa ƙawayenta abin tsokana na zangon karatu guda. Haka ma kwatanta ta da yayarta, ko tilasta mata yin karatu a gaban taro ba ta shirya ba. Alamar cewa jawabin ya kauce a bayyane take: za ta sunkuyar da kai, ta fara murza bakin rigarta, ko ta ruga bayan uwarta. Idan uba ya ga haka, sai ya taƙaita, ya yi addu'a, ya ce a kawo wuƙa a yanka kek.