Maye gurbi a dokar inshora: haƙƙin kamfani, kason mai mota da matsalar sulhu

1. Gabatarwa

A cikin wannan maƙala muna son mu yi bayani a kan abin da masana shari'a ke kira subrogasiyon da Faransanci, wanda muka fassara da maye gurbi. Ma'anarsa ita ce, kamfanin inshora da ya biya wanda ya yi asara yana shiga matsayinsa, ya bi wanda ya jawo ɓarnar bashin abin da ya biya. Mun zaɓi wannan fassara ne domin ba wani sabon haƙƙi kamfanin ke samu ba. Haƙƙin mai asarar ne ke komawa hannunsa yadda yake, da ƙarfinsa da rauninsa.

A Nijar, tushen maganar shi ne kundin dokokin inshora na ƙungiyar CIMA, wadda aka sa hannu a kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, kundin kuma ya fara aiki a 1995. Aya ta 42 ta kafa ƙa'ida biyu. Ta farko, kamfani na maye gurbin mai inshora gwargwadon kuɗin da ya biya, ba ƙari. Ta biyu, idan mai inshora ne da kansa ya toshe hanyar bin bashin, kamfani na iya sauke nauyin biyansa, duka ko wani sashe. Dalilin duka biyun yana cikin aya ta 31: inshorar dukiya tana mayar da abin da aka rasa ne kawai, saboda haka mutum ba ya karɓar diyya sau biyu a kan ɓarna ɗaya. Inshorar rai tana da nata hukuncin, ba za mu taɓa ta a nan ba.

2. Misali daga hanyar Bande

Bari mu ƙaddara wani ɗan kasuwa na Bande yana da ƙaramar motar ɗaukar kaya, yana jigila tsakanin Damagaram da Magarya. Ban da inshorar dole ta aya ta 200, wadda ke biyan ɓarnar da motarsa ta yi wa wasu, ya sayi wadda ke biyan ɓarnar motarsa ita kanta. Wannan bambanci yana da nauyi, domin mai inshorar dole kaɗai ba abin da kamfaninsa ke biyansa a kan tasa motar, ke nan babu gurbin da za a maye.

A kwangilarsa akwai faranshis na sefa 100.000, wato kason da shi zai ɗauka a kowane haɗari. Wata rana babbar mota ta buge shi ta baya. Jandarmomi suka rubuta rahoto, ƙwararre ya kimanta gyara a kan sefa 1.200.000. Kamfani ya biya shi 1.100.000, ya sa hannu a takardar shaidar karɓa. Daga ranar biyan nan bashin da ke kan mai babbar mota ya rabu biyu: 1.100.000 na kamfani ne, 100.000 kuwa yana nan hannun ɗan kasuwar, har da asarar kwanakin da motar ta yi a gareji idan ya iya tabbatar da ita.

A nan mutane da yawa ke kuskure, suna ɗaukar faranshis kamar tara ce da ta tafi ke nan. Faranshis sharaɗi ne tsakanin mai mota da kamfaninsa. Wanda ya yi ɓarnar ba ya cikin kwangilar, don haka ba ya cin moriyarsa. Idan laifin duka nasa ne, kuma yana da inshora, kamfaninsa zai biya 1.200.000 cif, ɗan kasuwar ya samu kasonsa. Sai dai aya ta 42 ba ta ɗora wa kamfani nemo wannan kaso ba. Sau da yawa yakan haɗa shi da nasa a takarda ɗaya, musamman in kwangilar ta ƙunshi sharaɗin kariya da bin haƙƙi, amma ya kamata mai mota ya nemi hakan a rubuce.

Lissafin yana rikicewa idan kuɗin bai isa kowa ba. A ce mai babbar motar ba shi da inshora, abin da aka samu a hannunsa 400.000 ne kacal. Aya ta 1252 ta kundin dokar farar hula ta ce maye gurbi ba ya cutar da mai bin bashin da ba a biya shi duka ba. Ke nan ɗan kasuwar ne zai fara ɗaukar 100.000, kamfani ya ɗauki 300.000. Idan kuwa an raba laifi rabi da rabi, bashin ya koma 600.000, kuma ana iya lissafa shi ta hanya biyu: a ba mai mota kasonsa duka, kamfani ya samu 500.000, ko a raba daidai da laifi, mai mota ya samu 50.000, kamfani 550.000. A ganinmu hanyar farko ta fi kusa da lafazin ayar, amma kwangila na iya zaɓar ta biyu, shi ya sa karanta ta ya zama dole kafin a yi gardama.

3. Inda sulhu ke karo da doka

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ƙa'ida ta biyu. A ƙasar Hausa, idan haɗari ya auku ba a rasa rai ba, abin da aka saba shi ne manya su shiga tsakani. Shugabannin tasha ko dattawan gari su zauna, a ce ƙaddara ce, mai laifi ya ba da abin da ya sawwaƙa, a yafe sauran. Ƙin yafewa a gaban dattawa abu ne mai wuya, balle in direban ɗan garin maƙwabta ne da za a sake haɗuwa da shi ranar kasuwa.

To, a ce ɗan kasuwarmu ya karɓi 150.000 a wurin, ya sa hannu a takarda cewa ba ya bin kowa kome, sannan ya kai wa kamfani takardun gyara. Kamfanin zai amsa masa cewa haƙƙin da ya kamata ya gada ya riga ya mutu, domin duk hujjar da mai babbar mota zai kare kansa da ita a gaban ɗan kasuwar, da ita zai kare kansa a gaban kamfani. Sai kamfani ya ƙi biya gwargwadon abin da yafewar ta hana shi samu. Mutumin da ya so ya fanshi kasonsa na 100.000 yana iya rasa 1.100.000.

Lokacin yafewar shi ne ke yanke hukunci. Kafin biya, haƙƙin duka na mai mota ne, yafewarsa tana iya rushe shi. Bayan biya, ba ya iya yafe abin da ya riga ya fita hannunsa. Iyakarsa nasa kason. Saboda haka dokar ba ta hana sulhu ba. Abin da ake bukata shi ne takardar ta faɗi a fili cewa yafewar ta tsaya ga kason mai mota, haƙƙin kamfani yana nan, kuma ya fi kyau a sanar da kamfani kafin a sa hannu.

Ba takardar yafewa kaɗai ke toshe hanya ba. Janye motoci kafin jandarmomi su zo, ko barin direba ya tafi ba a rubuta lambar motarsa da sunan kamfanin inshorarsa ba, ko gyara mota kafin ƙwararre ya gan ta, duk suna iya barin kamfani ba hujja. Haka ma jinkirin sanarwa ya wuce wa'adin kwangila, wanda aya ta 12 ta ce ba ya kasa kwana 5. Wannan ya fi tsanani a hanyar Bande, inda ba abin mamaki ba ne motar da ta yi ɓarnar ta kasance mai lambar Nijeriya. Nijeriya ba ta cikin CIMA, kuma iyaka ba ta da nisa daga Magarya. Da zarar motar ta ƙetare, abin da ya rage wa kamfani da mai mota shi ne abin da aka rubuta a bakin hanya ranar da abin ya faru.