Labule Shara-shara da Hasken Safiya: Yadda Ake Sa Ɗakin Kwamfuta Ya Yi Kama da na Gaske

A yau da wuya mutum ya ba mai zayyanar gini aiki a Kano ko Abuja bai ce a nuna masa hoton ɗakin kwanansa ba tun kafin a aza bulo. A kwamfuta ake gina ɗakin, a shimfiɗa gado, a rataya labule, sannan manhaja ta lissafa yadda haske zai zaga ciki ta fitar da hoto. Bango da kabad ba sa ba da wahala, domin a miƙe suke. Inda asirin mai aiki ke tonuwa shi ne wurin taga. Sau da yawa za ka ga labule ya sandare kamar kwanon rufi, ga kuma wani haske mai kaifi ya ratso ta tsakiyarsa. Ko wanda bai taɓa kama linzamin kwamfuta ba zai ji a jikinsa cewa hoton nan da ƙarya a ciki.

Dalili kuwa shi ne an haɗa abu biyu da ba sa zama wuri ɗaya. Labule shara-shara aikinsa tarwatsa hasken rana, ya mayar da shi mai taushi ya bazu ko'ina a ɗaki. Shi kuwa hasken da ke ratsowa a miƙe har ka ga hanyarsa a iska, sai ya sami kafar da babu abin da ya tare shi. Mai son duka biyun dole ya ɗan ja labulen gefe, ya bar tsaga.

Bari mu ɗauki Blender, manhajar da aka sake wa duniya kyauta tun 2002, da injinta na lissafin haske mai suna Cycles. A ce ɗakin mita 4 ne, tagarsa na duban gabas, faɗinta mita 1.8, kuma ƙarfen labule ya kai mita 2.2. Kuskuren farko a nan ake yin sa: mutum ya yanka yadi daidai faɗin ƙarfen. Ka tambayi duk telan da ke ɗinka labule, zai gaya maka yadi yakan ninka faɗin ƙarfe sau biyu zuwa uku, musamman idan marar kauri ne. Idan an ɗauki biyu da rabi, yadin ɗakinmu ya zama mita 5.5. Sai a rarraba shi ƙananan gidaje, kowane kamar santimita 2, a sa masa `Cloth`, a zaɓi `Silk`, a kafe layin sama da `Pin Group`, a kunna `Self Collisions` don kada yadin ya ratsa kansa. Daga nan a matse layin saman a hankali daga 5.5 zuwa faɗin ƙarfen, a bar nauyi ya yi sauran aikin. Tattarar da za ta fito ba za ta zama iri ɗaya ba, wata babba wata ƙarama, kuma abin da ake nema ke nan. Tattarar da aka jera da hannu, kowace daidai da 'yar'uwarta, ita ce ke kawo kamar kwano.

Sai jikin yadin, inda ya kamata a fi daɗewa. Zaren labule shara-shara yana yi wa haske abu uku. Wani hasken ya bi ta ramukan saƙa ya wuce abinsa, wani ya shiga zaren ya fito ta baya a tarwatse, wani kuma ya bugi zaren ya dawo. A Cycles kowanne da sunansa: `Transparent BSDF` na farko, `Translucent BSDF` na biyu, `Diffuse BSDF` na uku. A fara gauraya na biyu da na uku rabi da rabi da `Mix Shader`, sannan a gauraya abin da ya fito da na farko. Wanda ya tsallake na biyu zai sami labulen da ake hango waje ta cikinsa amma shi kansa ya yi duhu, ba ya ɗaukar hasken rana ko kaɗan, alhali labulen gaske idan rana ta bugo shi ta baya kusan shi ke haskaka ɗakin.

Akwai wata dabara da ke raba gwani da ɗan koyo. Ɗaga mayafi marar kauri ka dube shi gaba da gaba, za ka ga abin da ke bayansa. Karkata shi, ramukan saƙar sai su rufe, ya koma kamar mai kauri. Shi ya sa gefen kowace tattara ya fi tsakiyarta cika ido. Ana samun wannan ta hanyar jona `Facing` na `Layer Weight` a gaurayen ƙarshe, yadda inda yadin ya fuskanci kyamara zai fi bayyana abin da ke baya, inda ya karkace kuma ya toshe.

Idan baƙaƙen tabo suka fito a inda tattara ta taru, ba launi ne ya lalace ba. Cycles na ƙirga yawan shimfiɗar da haske ya ratsa, kuma `Transparent` da ke ƙarƙashin `Max Bounces` a kan 8 yake zuwa. Inda ninkin ya haura haka sai lissafi ya tsaya, wurin ya yi baƙi. A ɗaga shi zuwa 32. Kada kuma a ƙara wa yadin kauri da `Solidify`, domin yana mayar da kowace shimfiɗa biyu.

Yanzu hasken da ke ratsowa. A iska mai tsabta ba a ganin hanyar haske, sai inda ya sauka. Ƙura ce ke nuna shi, kamar yadda kowa ke gani da safiyar hunturu idan rana ta leƙo ta kafar ƙofa. Don haka sai a kewaye ɗakin da akwati guda, a cire masa fata, a jona `Volume Scatter` a mashigar `Volume`. A fara da `Density` na 0.02 da `Anisotropy` kusan 0.5, wanda ke sa hasken ya fi fitowa idan kyamara na duban wajen taga. Kada a zuba ƙurar a `World`, domin can ba ta da iyaka, za ta cinye rana tun kafin ta iso, hoton ya yi duhu. Gilashin taga ma yakan tare rana ya cika hoto da dishi-dishi, kuma a irin wannan hoton cire shi ba ya rage komai.

A bar tsaga ta santimita 25 tsakanin labulen biyu. A sa `Angle` na rana a kan 0.526, wato girman rana a sama, kusan rabin digiri, don gefen hasken ya yi kaifi. Idan rana ta ɗaga digiri 35 tana kallon tagar kai tsaye, kan tagar yana mita 2.4 daga ƙasa, gindinta yana 0.9, hasken zai kwanta a daɓe daga mita 1.3 zuwa 3.4 daga bango. Ka ga tun kafin a fitar da hoto an san ko zai hau gado. A ganina yawancin masu wannan aiki suna cika ƙura har ɗakin kwana ya koma kamar ana shara a ciki. Idan bangon da ke nesa ya fara yin fari-fari, ƙurar ta yi yawa, a rage ta rabi.

Kayan gado ba su kai wannan wahala ba. A saki bargo daga sama da `Cloth` ya faɗa kan katifa da kansa, a lotsa tsakiyar filo kaɗan, a ɗan ƙara `Sheen` don gefen yadi ya sami laushin nan irin na karan-miski. Farin zanen gado kuma kada a kai shi 1.0, a tsaya wajen 0.75, in ba haka ba inda rana ta sauka zai ƙone fat, yamutsewar da aka sha wahala a kanta ta ɓace.

Kai kuma mai gida, idan aka kawo maka irin wannan hoto, tambayi wane gefe tagar take kallo kuma ƙarfe nawa aka sa ranar. Tagar da ke duban yamma ba za ta ba ka wannan hasken da safe ba, sai da la'asar, tare da zafinsa.