Ko Kun Sani? Ƙwayar Dutse Mai Agogo Biyu

A tsaunukan Jack Hills da ke yammacin Ostireliya an samu ƙwayar ma'adinin zirkon mai shekara biliyan 4.4, aka bayyana sakamakon a 2001. Ta yaya aka san shekarunta?

Lokacin da zirkon ke daskarewa daga narkakken dutse, yakan karɓi yuraniyam amma ya ƙi dalma. Don haka kusan duk dalmar da aka tarar a cikinsa daga baya, yuraniyam ne ya rikiɗe ya zama ita. Rabin yuraniyam nau'in U-238 kan koma dalma nau'in Pb-206 cikin shekara biliyan 4.47, rabin U-235 kuwa ya koma Pb-207 cikin miliyan 704. Agogo biyu ke nan a ƙwaya ɗaya. A ƙwayar Jack Hills kusan rabin U-238 ya tafi, U-235 da ya rage kuma bai kai kashi 2 cikin 100 ba.

Babbar matsalar ita ce yoyon dalma. Rikiɗewar yuraniyam tana lalata cikin ƙwayar sannu a hankali, sai zafi ko ruwa su fitar da dalma, shekarun su fito ƙasa da gaskiya. Alamar kuwa a fili take: agogo biyun za su saɓa wa juna. Shi ya sa masana ke gasa ƙwayar, su narkar da ɓangaren da ya lalace da asid kafin awo.

Idan aikin ya yi kyau, kuskuren bai wuce kashi 1 cikin 1,000 ba.